Neman shawara: ina so in riƙa jan ƙanana a sana'ar sola, ta ina zan fara?

Mai tambaya, daga Sabon Gari: Assalamu alaikum. Na daɗe ina haɗa wutar sola a nan Damagaram, kuma aikina ba ya dawowa, amma sunana bai wuce unguwarmu ba. Samarin da suka gama koyon lantarki suna yawan zuwa da tambayoyi, shi ne nake tunanin in jawo su a jiki domin in samu suna da jama'a. Ta yaya zan yi ba tare da sun kwashe mini masu ba ni aiki ba?

Dattijon ma'aikacin lantarki, daga Birni: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da mutum biyu, in ya yi yawa uku, domin duk wanda ka ja, aikinsa zai riƙa tafiya da sunanka, kuma ba za ka iya bin sawun aikin mutum goma ba. Kada ka zaɓi wanda ya fi iya magana. Ka zaɓi wanda idan ka yi masa bayani yau, zai dawo bayan mako ya gaya maka abin da ya gwada da inda ya kakare, kuma zai fi kyau a ce ɗaya daga cikinsu ɗan wani gari ne, kamar Mirriya ko Magariya ko Tanut, inda ƙafarka ba ta kaiwa.

Waɗannan ba yaran shago ba ne da za ka aika sayen waya, mutane ne masu neman tsayawa da ƙafarsu, saboda haka abin da suke buƙata a wurinka shi ne ido a kan lissafinsu kafin su sayi kaya. Ga misalin da nake yawan gani. Saurayi ya samu aikin gida mai ƙwan fitila shida da fanka da ƙaramin firji, ya sayi batir mai bolt 12 da amfiya 200, ya haɗa shi da farantin sola guda mai wat 150, yana ganin ya gama tunda batirin babba ne. Ka zaunar da shi ya lissafa da hannunsa. Batirin yana ɗaukar wutar da ta kai wat 2,400 na awa guda, amma irin mai dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, wato 1,200. Farantin kuwa, ko an ba shi awa biyar na rana mai ƙarfi, 750 zai bayar a takarda, kuma zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu za su rage wannan. Gidan da ke da firji ya fi haka ci, don haka batirin ba zai taɓa cika ba, kullum yana kwana da yunwa, kuma cikin ƴan watanni zai daina riƙe wuta. Ka sa shi ya auna batirin da asuba bayan an kashe komai an bar shi ya huta: cikakke yana nuna kusan 12.7, idan kuwa kullum ƙasa da 12 yake gani, to aikin ya samu matsala tun daga lissafi.

Yaron da ka tsame daga wannan kunyar a gaban mai gida ba zai manta ba. Ranar da aka kawo masa aikin da ya fi ƙarfinsa, kamar famfon rijiyar burtsatse, kai zai kira, kuma kowa ya san yadda ake neman ruwa a wannan jihar. Ta nan sunan yake zuwa, amma a hankali. Kada ka sa rai a shekarar farko.

Mai sayar da kayan sola, Kasuwar Dole: Malam, ni a ganina ka koya musu komai amma ka riƙe abu biyu: lambobin masu ba ka aiki, da wurin da kake saro kaya a Kano. Muna ganinsu a nan, yaro ya bi maigidansa sau biyu, na uku sai ya zo shi kaɗai yana cewa wane ne ya turo shi, a ba shi kaya bashi.

Dattijon ma'aikacin lantarki: Alhaji, maganar bashin gaskiya ce, kuma maganinta shi ne ya sanar da ƴan kasuwa tun yanzu cewa duk wanda ya zo da sunansa a kira shi a waya kafin a ba da kaya. Amma ɓoye wurin sari ban yarda da shi ba. Idan bai nuna musu inda kaya mai kyau yake ba, za su sayi batirin da aka wanke aka sake masa takarda, kuma idan ya mutu, mutane za su ce ai yaron wane ne ya haɗa.

Wata malamar asibiti, daga Zango: Ɗan'uwa, ni ba ƴar sana'arku ba ce, amma na ja ƙananan ungozomomi da dama. Akwai wadda na tsaya mata har ta samu wurin aiki, daga baya ta riƙa wuce ni a taro kamar ba ta san ni ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Akwai kuma wadda ban yi mata wani abin kirki ba illa gyara mata rahoto, ita ce yau take ambaton sunana duk inda ake neman mai horar da ma'aikata. Ba ka san wanda zai rama ba. Abu ɗaya da na lura da shi shi ne, idan ka yi wa ƙarami gyara a gaban mutane, daga ranar zai fara ɓoye maka kurakuransa, kuma alamar ita ce tambayoyinsa su ɗauke gaba ɗaya alhali yana ta karɓar aiki.

Wani saurayi, daga Garin Malam: Yaya, idan za ka buɗe makarantar, nawa ne kuɗin wata, kuma ana ba da takardar shaida? Ni da abokina muna so mu shiga.

Mai tambaya: Ba makaranta ba ce, ƙanena, amma ka zo shago ranar Asabar bayan la'asar mu gaisa. Baba, saura batun masu ba ni aiki, wanda shi ne ya fi damuna.

Dattijon ma'aikacin lantarki: Wasu za su tafi, kada in ɓoye maka. Wanda yake kiranka don wanke faranti ko sauya ƙwan fitila zai koma wurin yaron da ya fi ka araha, kuma gara ka miƙa masa irin wannan aikin da kanka, ka gaya wa mai gidan cewa kai ka turo shi kuma za ka zo ka duba. Ka je ɗin kuwa, aƙalla a ayyukansa uku na farko, ka taɓa mahaɗin wayoyi ka ji ko suna zafi, ka duba kaurin wayar da ta tashi daga batir da kuma ko ya sa fis. Tun kafin ya tafi ku yi magana a fili a kan wanda zai biya idan kaya ya ƙone, domin nan ne zumunci ya fi lalacewa. Ni ba na karɓar ko dala a kan ƙaramin aikin da na tura.

Mai sayar da kayan sola: Nan kam ban bi Baba ba. Idan aikin jika hamsin ne, ya karɓi jika biyar, tunda shi zai ƙona mai ya je dubawa, kuma shi za a kama idan abu ya lalace. Abin da aka samu kyauta ba a ɗaukarsa da daraja.

Mai tambaya: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan fara da biyu, ɗaya ɗan Mirriya ne. Batun kason kuwa ban yanke ba tukuna, sai na ga nawa man zuwa dubawa zai riƙa ci mini.