Sinafshot da bakof: wace kalma zan ba ɗalibai?

Rabi: Salamu alaikum. Jibi ina da darasi da matasa a nan Maradi kan baƙin injuna na KVM, wato kwamfutocin da ake kunnawa kamar baƙi a cikin wata kwamfuta, kuma da Hausa zan yi. Na sa "hoto" a madadin sinafshot, "ajiya" a madadin bakof. Sun zauna?

Lawali: Sun zauna. Ai duka ajiya ce, ɗaya dai ta fi sauri.

Malam Isufu: A'a Lawali. Hoto, ko mai shi ya rasu, yana nan. Sinafshot ba haka yake ba. In ka ɗauke shi a fayil dabam na `qcow2`, wato tsarin fayil ɗin faifan baƙon inji, tsohon fayil ya daskare, sabon rubutu ya koma wani ƙaramin fayil da ke jingine da shi. Ƙaramin ba ya tashi shi kaɗai, kuma galibi faifai ɗaya suke kwana. Ni "zango" nake cewa, wurin da za ka iya komawa in tafiya ta ɓaci.

Hadiza: Wallahi ya same ni. Zango bakwai gare ni, faifan ya mutu, ko ɗaya ban tsira da shi ba.

Alhaji Mamman: Zango na fatake ne. "Tsayau" ya kamata, na daɗe ina faɗa. Kuma bakof, cikakken kwafin da ake ajiyewa a wani wuri dabam, "rumbu" ne. Don me kullum sai mun jira abin da Kano ta ce?

Lawali: Alhaji, wa ya ambaci Kano? Ko a gidanka ba a san tsayau ba.

Alhaji Mamman: Yaro, kowace kalma wani ya fara furta ta.

Rabi: Don Allah ku taimake ni, lokaci ya ƙure. Malam, in baƙon na aiki, ba sai in kwafe fayil ɗinsa kawai ba?

Malam Isufu: Kada ki yi, Malama. Kina kwafar farko yana canza ƙarshe, sai ki samu abin da bai haɗu ba. Ki sa manhajar `qemu-guest-agent` cikin baƙon, sannan ki ɗauki zango; a nan `vm1` sunan baƙon ne, `z1` sunan zangon:

```
virsh snapshot-create-as vm1 z1 --disk-only --atomic --quiesce --no-metadata
```

`--quiesce` ne ke sa baƙon ya sauke rubutun da ke jira a ƙwaƙwalwarsa zuwa faifai, ya dakata da rubutu na ɗan lokaci. In babu shi, kwafin zai zama kamar injin da wuta ta ɗauke masa. Yanzu tsohon fayil ya tsaya cik, ki kwafe shi zuwa wani inji dabam, sannan ki haɗe ƙaramin fayil da tsohon; `vda` sunan faifan baƙon ne:

```
virsh blockcommit vm1 vda --active --pivot
```

In kin manta wannan, ƙaramin fayil zai yi ta kumbura har faifai ya cika, baƙon ya tsaya. Mai MySQL ya ƙara da `mysqldump`. Kuma ki tada kwafin a wani wuri ki gani da idonki.

Rabi: To na ɗauki "zango". "Rumbu" ma na so shi, tunda ba a gina shi cikin ɗakin kwana.

Lawali: Amma gobara ɗaya na iya cinye gida da rumbu. Ni ina nan kan "ajiya".

Alhaji Mamman: Ki sa rumbun. Tsayau kuwa ban janye ba.