Ribar canjin dala a takarda: shin yanzu zan biya mata haraji?

Ɗan Dawanau: Salamu alaikum 'yan uwa. Kamfaninmu ya tura riɗi waje a Nuwamba 2023, muka rubuta wa mai saye inbois na dala 40,000, lokacin dala tana kusan naira 800. Shekarar lissafinmu ta rufe 31 ga Disamba bai biya ba, sai a Fabrairu 2024 kuɗin suka shigo, muka canja a 1,500. Yanzu odita ya saka "ribar canji" ta naira miliyan 4 a littafin 2023, alhali ko kwabo bai shigo hannuna a shekarar ba. Zan biya mata haraji ne?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Alhaji, abin da bai shigo aljihu ba babu haraji a kansa. Ka ce wa oditan ya cire cinikin gaba ɗaya ya kai shi 2024.

Hajiya Akanta: Baban Khalifa, rabin maganarka daidai ne, amma ɗaya rabin zai jawo wa Alhaji tara. Cinikin kansa na 2023 ne, domin a shekarar kaya suka fita kuma haƙƙin karɓar kuɗi ya tabbata. Dala 40,000 sau 800, naira miliyan 32 ke nan, kuma suna cikin cinikin 2023 ko an biya ko ba a biya ba.

Miliyan 4 ɗin kuwa, odita bai yi kuskure ba. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa mai suna IAS 21 ce ta wajabta masa ya sake auna duk bashin dala da kuke bi da farashin ranar rufe littafi. Da alama ya ɗauki 900, sai bashin ya koma miliyan 36. To amma wannan ƙarin a takarda kawai yake, domin da naira ta farfaɗo a Janairu da ya narke. Shi ya sa hukumar tara haraji ta tarayya ba ta ɗora haraji a kan ribar canjin da ba ta tabbata ba, haka kuma ba ta yarda a cire asara irinta. A littafi za ta zauna, amma a takardar lissafin haraji sai a ɗebe ta daga ribar 2023.

Inda nake so ka buɗe ido, Alhaji, shi ne 2024. Ranar da aka biya ka, bashin ya zama naira miliyan 60. Littafinka zai nuna ribar canji miliyan 24 kacal, tunda daga 36 zai fara ƙirga. Amma ta haraji miliyan 28 ce, daga 32 zuwa 60, saboda waccan miliyan 4 da aka jingine yanzu ta tabbata. A nan ne kamfanoni da yawa suke faɗawa: a cire bara, a manta a mayar bana, musamman idan an sauya akanta a tsakani. Masu bincike kuma nan suke fara dubawa. Idan cinikinku na shekara ya haura miliyan 100, harajin 2024 kashi 30 ne, wato miliyan 8.4 a kan canjin kaɗai. Ka ware su tun yanzu kada su shige cikin sayen riɗin bana.

Mai Injin Shinkafa: Ni nawa akasin haka ne. Na sayo injin gyaran shinkafa bashi da dala, kafin in biya naira ta faɗi, na yi asara mai yawa. Tunda na riga na biya, ai zan cire ta daga riba ko, Hajiya?

Hajiya Akanta: Malam, taka daban ce. Da shinkafar sayarwa ka sayo, asarar ta ciniki ce, a cire ta a shekarar da ka biya. Inji kuwa kadara ce ta jari, asarar canjin da ta biyo shi ba ta shiga cikin kuɗin hidimar yau da kullum. Ka zauna da akantanka da takardun injin kafin ku miƙa komai.

Baban Khalifa: To da wane farashi ake aunawa, na Wapa ko na banki?

Hajiya Akanta: Na hukuma, wanda za ka iya nuna hujjarsa. Alhaji ya ajiye shaidar farashin ranar inbois, ranar rufe littafi, da takardar banki ta ranar canji.

Ɗan Dawanau: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Saura ɗaya. Akwai wata dala 10,000 ta wani ciniki da ta shigo asusun dala, har yau ban canja ba. Ita ta tabbata ko ba ta tabbata ba?

Malam na Sabon Gari: A ganina ba ta tabbata ba, tunda ba ta zama naira ba.

Hajiya Akanta: Ni ban tafi a kan haka ba. Bashin ya ƙare ranar da mai saye ya biya, don haka bambancin zuwa ranar nake ɗauka ya tabbata. Abin da dalar ta ƙara tana zaune a asusu, shi ne zai jira ranar canji.

Malam na Sabon Gari: Oditanmu dai ba haka ya yi mana bara ba. Alhaji, ka sa naka ya rubuta maka matsayarsa a takarda kafin ƙarshen Yuni, lokacin miƙa lissafinku.