Na kammala littafina na farko amma sunan ya ƙi zama

'Yar Marina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka, abin nan ya hana ni barci. Na gama rubuta littafina na farko, tun farko na sa masa "Ƙaddarar Rayuwa", yanzu kuma duk sanda na furta sai in ji shi salam. Labarin wata yarinya ce, Hindatu, mahaifinta marini ne a Ƙofar Mata. Ya rasu ya bar musu bashi, baffanta yana so ya aurar da ita ga mai bin bashin. Kakana ma marini ne, a gidansa na tashi bayan rabuwar iyayena, shi ya sa labarin ya tsaya mini a rai, da daddare nake rubutawa in yara sun kwanta. Mai zanen bango yana jirana ranar Asabar.

Malam na Fagge: Wa alaikumus salam ƙanwata. Matsalar sunanki ɗaya ce: kowane labari zai iya ɗaukarsa. Cire shi ki manna wa littafin kishiyoyi ko na ɗan fashi, zai zauna daram. Ki rubuta a jimla ɗaya abin da Hindatu take so da abin da ya tare mata hanya. Sannan ki bi littafin ki tsamo abubuwan da suka yi ta maimaituwa, waɗanda ido ke gani. Marina cike take da su: baba, toka, karofi, katsi. Mene ne ya fi fitowa a naki?

'Yar Marina: Hannun mahaifin. Shunin ya kama shi har farce, ko da aka yi masa wankan gawa bai fita ba. Amma Malam, labarin fa na ƙaddara ne da gaske, ban sa sunan haka kawai ba.

Malam na Fagge: To ai kin ba da sunan da bakinki. "Mai Hannu da Shuni". Kowa ya ji zai zaci attajiri ne, sai ya buɗe ya tarar da talakan da shunin gaske ne a hannunsa, ga kuma mai bashin da shi ma sunan ya hau shi. Suna ɗaya, mutum biyu. Ƙaddara kuwa ki bar mai karatu ya gano ta da kansa.

Maman Ilham: Ni dai ban yarda ba. Masu karatu a waya in suka ga wannan za su shigo neman soyayyar ɗan mai kuɗi, shafi biyar su watse suna zagi. Ki sa "Hindatu" kawai, sunan mace yana tafiya.

Abba Gwale: Sunan littafin Hausa dole karin magana ne, ki ɗauki rabi ki bar rabi, mai karatu ya ƙarasa a zuciyarsa. Haka magabata suka yi.

Malam na Fagge: Ba dole ba ne, Abba. Dabarar tana aiki, amma sanannun karin magana duk an cinye su, kuma da yawa suna tona ƙarshen labari. In ka sa wadda ke nuna mugu zai ga sakayya, me ya rage a karanta? "Hindatu" kuma, Maman Ilham, a rubuta shi a YouTube ko Wattpad a ga abin da zai fito. Ƙanwata, gwajin da nake yi ke nan: ki faɗa wa mutum uku sunan da baki, kada ki ba su labarin. Washegari ki tambaye su. Wanda suka tuna daidai ya tsira, domin da baki ake neman littafi a shago a Sabon Gari. Ki tambaye su kuma wane irin labari suka zata.

Ummu Sadik: Hmm. Ni nawa sunan a irin wannan neman shawarar na faɗa, kafin in buga wata ta saki nata da shi, har ana cewa ni na kwaikwaye ta. Har yau abin yana ci mini rai. Kada ki yanke a bainar jama'a.

Ɗan Auta: Anti a ina ake samun littafin? Na ɗaya da na biyu ne ko a haɗe?

'Yar Marina: Bai fita ba tukuna ƙanina. Malam na gode, sunan ya yi daɗi, sai dai ya mayar da littafin na mahaifin, alhali a babi na uku yake rasuwa. Sauran duk Hindatu ce. Kuma ƙawayena da suka karanta sun saba da tsohon sunan, mahaifiyata ma shi ta sa wa albarka.

Malam na Fagge: To "'Yar Mai Hannu da Shuni". An gama.

Maman Ilham: Ya yi tsawo a bango, kuma ruɗanin yana nan.

'Yar Marina: In na bar "Ƙaddarar Rayuwa" a sama, na sa na Malam a ƙasa da ƙananan baƙaƙe fa? Akwai wanda ya taɓa yin haka?