Rancen gida na miliyan 5: nawa za a riƙa cirewa a albashi duk wata?

Baban Khalifa, Tumfure: Salamu alaikum jama'a. Ina shirin karɓar rancen gida na NHF, wato Asusun Gidaje na Ƙasa, Naira miliyan 5, ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, wa'adi shekara 20. Na buga lissafina: kashi 6 na miliyan 5 dubu 300 ne, sau 20 ya zama miliyan 6. Na haɗa da uwar kuɗi na raba gida 240, ya ba ni N45,833 a wata. Amma jami'in banki ya ce abin bai kai dubu 36 ba. Waye ya yi kuskure a cikinmu? Waɗanda suka taɓa karɓa, a taimaka.

Malam na Bolari: Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Jami'in ne da gaskiya. Kai ka lissafa ruwan kamar miliyan 5 ɗin za ta zauna cif a wuyanka har shekara 20, alhali duk wata kana gutsure ta. A kan ragowar bashi ake ɗora ruwan. Na shekara ina koyar da lissafi, amma ni ma da na karɓi nawa sai da na zauna da takarda.

Fara da raba ruwan shekara gida 12: 0.06 ÷ 12 ya ba ka 0.005 a wata. Shekara 20 kuma wata 240 ne. Sai ka sa su a nan, M biyan wata, P uwar kuɗi, r ruwan wata, n yawan watanni:

```
M = P × r ÷ (1 − (1 + r)^−n)
```

P × r dubu 25 ne, wato ruwan watan farko. Ƙasan kuwa, 1.005 da aka ninka da kansa sau 240 ya kai kusan 3.3102. Raba 1 da shi ka sami 0.3021, ka cire daga 1, saura 0.6979. Dubu 25 a raba da 0.6979, ga N35,822. Daga watan farko har na ƙarshe wannan adadin ba ya motsi, abin da ke cikinsa ne yake canzawa. A watan farko dubu 25 ruwa ne, N10,822 kacal ke taɓa bashin. A wata na biyu ruwan ya sauka zuwa N24,946, haka zai yi ta tafiyar hawainiya.

Maman Hanifa: Wallahi wannan tafiyar hawainiyar ce ta kusa sa ni kuka. Adadinmu ɗaya da kai, Baban Khalifa. Da na cika shekara 5 na je na karɓi takardar bayanin asusu, ina zaton na ci rubu'in bashin. Na biya sama da miliyan 2 da dubu 149, sai na ga ragowar tana wajen miliyan 4 da dubu 245. A bakin kantar bankin na tsaya ina ta juya takardar, har na ce wa yarinyar da ke aiki a wurin an cuce ni. Maigida ne ya sake bugawa da dare, ashe daidai ne.

Ɗan Jekadafari: Ku daina wahalar da kanku da kalkuleta. A Excel ku rubuta:

```
=PMT(6%,240,-5000000)
```

Kuma shawara, ka ja wa'adin zuwa shekara 30, biyan zai ragu da kashi ɗaya cikin uku.

Malam na Bolari: Ɗan Jekadafari, ka manta raba ruwan gida 12. Naka zai ba ka wajen dubu 300 a wata. `6%/12` za ka sa. Hanyar gane kuskure: amsar dole ta wuce dubu 25, in ba haka ba bashin ba zai taɓa raguwa ba, kuma ba za ta kai N45,833 ɗin Baban Khalifa ba. Batun shekara 30 kuma, N29,978 zai biya. Sauƙin bai kai dubu 6 a wata ba, amma jimillar ta tashi daga kusan miliyan 8.6 zuwa kusan miliyan 10.8.

Alhaji na Pantami: Ni dai ban shiga mai ruwa ba. Murabaha na yi: banki ya sayi gidan, ya sayar min da riba sananniya, na raba farashin da yawan watanni, shi ke nan. Ka tuntuɓi malamai tukuna, ɗana.

Baban Khalifa, Tumfure: Na gode Baba Alhaji, zan yi. Maman Hanifa, N35,822 ɗin ake cire miki cif?

Maman Hanifa: Ina fa. Alat ɗin yana haura dubu 38. Sun ce inshorar gida da ta rai ce a kai, amma har yau ba a ba ni rabe-raben a rubuce ba. Kafin ka sa hannu ka nemi jadawalin biyan wata-wata, ka duba ko layin farko ya nuna dubu 25 da N10,822. Ni ma ranar Litinin zan koma in nemi nawa.