Baiti ɗaya, murna biyu

Ummi 'Yar Fagge:
Ranar haihuwar Yayata ta faɗo ran Babbar Sallah. Saƙo ɗaya nake son tura mata, ku taya ni.

In na ce barka da Sallah, tata murnar ta ɓuya,
In na ce barka da shekara, kamar na manta layya.

Ɗan Gwale:
Ƙanwata, raba baitin biyu, kowa da nasa hanya,
Ɗango guda na Idi, ɗango guda na Yaya.
Ki adana shi a wayarki, baɗi ba sai kin sha wuya.

Malam Na Ƙoƙi:
Ɗan Gwale, baɗi ba sa haɗuwa, ka sake lissafawa,
Sallah wata take bi, ita ko kalandar Turawa.
Kwana 11 duk shekara Sallah ke gabatowa,
Sai kusan shekara 33 su sake kusantowa.
Ummi, faɗa mata wannan, abin alfaharinta ne kuwa.
Rabon da ya ce ki yi, saƙo biyu ne a haɗe, ba ɗinkawa,
Nemi kalmar da za ta ɗauki biyun ba ta karkacewa.
"Allah ya maimaita mana" muke cewa in an sauko, kowa da kowa,
Ita ce addu'ar mai ƙara shekara, ba sai kin je nemowa.

Tasalla:
Malam, sunana ya faɗa maka, ran Idi aka haife ni,
Inna da wata take ƙirga, duk Sallah ta riske ni.
Atamfa guda, lalle guda, "na Sallah ne, na naki ne,"
Har na girma ban ji wanda ya ware ya gaishe ni.
Ummi, kira sunanta a baitin, kar ki ce "jama'a",
Kar ki tura da hantsi, waya ta cika da gaisuwar kowa.
Bari sai an sauke suya, ta zauna da la'asar,
Kafin Hawan Daushe gobe ya kwashe hankalin gari.

Baba Na Yakasai:
'Ya'yana, mu a zamaninmu ba ma ƙirga ranar haihuwa,
Idi na Allah ne, ban so a jera shi da na kowa.
In addu'a ce na yarda, ita ba ta da ranar hanawa.

Ummi 'Yar Fagge:
Baba, na ji, Idi na sa a gaba. Ku duba min:

Yaya Binta, barka da Sallah, Allah ya karɓi layya,
Ranar da kika zo duniya yau ta biyo ta hanya.
Daga Ƙofar Mata aka sauko, ni ke na fara nema,
Allah ya maimaita mana Idi, ke ma ya maimaita miki, Yaya.

Malam Na Ƙoƙi:
Ɗango na uku ya bar amsa-amo, "nema" ba ta zauna ba,
Ce "ke na tuna tun kan hanya", ki sauya na biyun, ki duba.