Abin da muka tattara a kan ciwon mahaifa mai kumburi

Salamu alaikum 'yan uwa mata na zangon Kumasi, hirar da muka yi a kan adinomayosis, ciwon da ke kumbura mahaifa ya kawo yawan jini da ciwon mara, ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. An yarda adinomayosis da endometiriyosis ba ɗaya ba ne. A na farko, fatar cikin mahaifa, wadda ke zuba duk wata, ita ce ke kutsawa cikin naman bangon mahaifar. A na biyu irin wannan fatar tana tsirowa ne a waje, kan ma'ajiyar ƙwan mace ko bayan mahaifa. Mace ɗaya tana iya samun duka biyun.

2. Dalilin jinin da ciwon, nan aka fi daɗewa. Fatar da ta maƙale cikin naman tana kumbura tana zubar da jini duk wata amma ba hanyar fita, sai bangon ya yi kauri, mahaifar ta girma, in likita ya danna mara sai zafi. Babbar mahaifa fatarta ta fi faɗi, kuma naman ba ya matsewa da kyau ya tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa guda-guda ke fita. Wata ta ce duk awa take canza pad, hawa bene ma sai haki, ashe jininta ne ya yi ƙasa, wallahi ta ban tausayi.

3. A yi sikanin ta gaba, ya fi na kan ciki nunawa, don ana yawan ɗaukar adinomayosis a matsayin faibroid.

Inda aka rabu: wasu sun ce robar mahaifa mai homon ta rage musu jini sosai, wasu suka ce sai da aka cire mahaifar suka huta. Masu neman haihuwa dai sun ce a'a tukuna.