Tsakurena ya kai kalma 410, mujalla kuma 250 take so

Mai tambaya: Salamu alaikum malamai. Na rubuta maƙala kan yadda manoman Goronyo ke ajiye albasa. Mujalla ta ce kada tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ake sawa a farkon maƙala, ya wuce kalma 250, nawa 410 ne, ga shi nan na liƙa. Duk inda na kai wuƙa sai in ga tsoka ce. Ta ina zan fara?

Wani ɗan ajinsu: Abokina, cire bayanin hanyar bincike gaba ɗaya, ai yana cikin maƙala. Haka na yi wa nawa, nan take ya sauko.

Wata malama: Kul, kada ka cire wurin gaba ɗaya. Da yawa tsakuren kaɗai za su karanta, kuma da hanyar za su auna ko sakamakonka abin yarda ne. Na ƙirga: kalma 150 na farko duk shimfiɗa ce, tarihin albasa da amfaninta a miya. Jimla ɗaya ta isa, wadda ta faɗi matsalar ruɓewa a rumbu. Ga kalma 125 sun tafi. Manufarka kuma sau biyu ka faɗe ta, sama da ƙasa, goge ta biyun.

A hanyar bincike abu huɗu za ka riƙe: su wa, mutum nawa, a ina, da me. “An yi hira da manoma 40 a ƙauyuka 3 na Goronyo bayan girbi.” Dalilin zaɓar ƙauyukan ya koma cikin maƙala.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen. Ka rubuta “an tattauna sakamakon kuma an ba da shawarwari”. Wane sakamako? Kalma 410 amma ba ka gaya mana abin da ka gano ba! Nan ƙari za ka yi, kamar kalma 80, da alƙaluman da ke jadawalinka.

Wani daga Tambuwal: Ni ma bitar ayyukan magabata ke ba ni wahala. In na taƙaita tsakuren wani, dole ne in sa lambar shafi?

Mai tambaya: Ɗan'uwa, nawa ne nake ragewa. Malama, na gyara: “Rashin iska a rumbu ne ke ruɓar da albasa.”

Malama: To ka ga inda ragi ke ɓarna. A cikin maƙala cewa ka yi manoman da ka tambaya sun danganta ruɓewar da rashin iska. Hira ka yi, ba ka auna iskar rumbu ba. Mayar da “sun danganta”. In ka gama, ɗora kowace jimla kusa da jadawalinta, ka duba ko ta faɗi fiye da shi.

Ɗan ajin: Amma Malama, jimla ɗaya ta shimfiɗa ba ta yi kaɗan ba? Malaminmu uku yake so.

Malama: A kundin digiri sai ka bi malaminka. Wannan kuwa mujalla ce, a buɗe fitowarta ta baya a ga nawa suke bari.